Tauraro Uku a Kan Ƙuli-ƙulin Zulai

Manzo mutum ne mai saurin shiga damuwa. In hadari ya haɗu sai ya damu kada ruwan ya yi yawa, in ya watse sai ya damu kada ya ƙi dawowa. Mutanen unguwarsu a Dungas sun san shi da haka, har sun daina ba shi haƙuri. Amma duk damuwar da ya taɓa yi, ba wadda ta riƙe masa ƙirji kamar ta kakar bana, kuma abin da ya jawo ta ƙananan taurari ne guda uku a fuskar salula.

Salular ta 'yarsa ce, Zulai, mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata. Tun da ta gama kolej ba ta samu ci gaba ba, ita da mahaifiyarta Asabe suke matsar man gyaɗa da toya ƙuli-ƙuli. A da ranar kasuwa kawai suke jira. Da kaka ta kama, Zulai ta buɗe shago a cikin wata aplikasiyon saye da sayarwa, ta ɗauki hoton ƙulin a faranti, ta sa farashi. Sai ga komand, wato odar kaya, daga Magarya, daga Damagaram, har daga mutanen da ba su taɓa taka Dungas ba. Aikin Manzo shi ne ya ɗaure kwali, ya rubuta suna da lambar mai kaya a jiki da irin rubutunsa na ɗan aji biyar, ya ɗora a moto, wato babur ɗinsa, ya kai tasha, ya ba direba, sannan ya kira mai kayan ya ce mota ta tashi.

Duk wanda kaya suka isa hannunsa, aplikasiyon na tambayarsa ya ba mai shago tauraro, daga ɗaya zuwa biyar. Mutum uku na farko, biyu sun ba da biyar, ɗaya ya ba da huɗu. Zulai ta riƙa nuna wa kowa 4,7 da ke gefen sunanta. Sai cikin mako guda mutum uku suka ba da uku, uku, uku. Ba wanda ya rubuta ko kalma ɗaya a ƙasa. Lambar ta sauko 3,8.

"To mene ne a ciki?" Manzo ya tambaya ran da ta nuna masa. "Ai ba a faɗo ƙasa da rabi ba."

"Baba, ba haka abin yake ba. Akwai wurin da mai saye yake dannawa ya ce a nuna masa masu huɗu zuwa sama kawai. Kusan kowa shi yake dannawa. Yanzu in sun nemi ƙuli, ni ba na fitowa. Kamar an rufe mini rumfa ne alhali ina zaune a ciki."

Daga ranar gidan ya rikice. Asabe ta ce yaji ne ya yi yawa, mutanen birni ba su da baki, aka rage yaji. Zulai ta ce wataƙila tauri ne, aka rage toyi. Aka sauke farashi da dala goma. Aka sake hoto. Kwana goma sha ɗaya, ba komand ko ɗaya. Suna gyaran abin da ba su san ko shi ne ya lalace ba, kuma ba wanda zai ce masu sun dace ko sun kuskure.

A cikin wannan hali Ladi ta zo. Ƙanwar Manzo ce, tana da gidan abinci kusa da tasha a Agadas, ta zo suna ne za ta koma ran Litinin. Ta daɗe tana son a ba ta Zulai ta taya ta aiki. Manzo kuma in ya tuna nisan Agadas, da irin mutanen da ke wucewa ta tashar nan, da 'yan matan yankinsu da suka tafi da sunan wata uku har yau ba su dawo ba, sai abinci ya fita ransa.

Ran Juma'a da hantsi suna zaune a tsakar gida, Asabe tana murza ƙuli a tafin hannu, Ladi tana ɓare gyaɗa tana cin rabi.

"Yaya, ku daina wahalar da yarinyar nan," in ji Ladi. "Mutum uku ba su san juna ba, ba su haɗa baki ba, duk sun faɗi abu guda. Me kuke jira, sai an yi shela a rediyo?"

"Ba su faɗi komai ba ai," in ji Manzo. "Dannawa suka yi."

"To dannawar ba magana ba ce? Ni a wurina in mutum ya bar rabin tuwo a kwano ba na bin shi in ce malam me ya faru."

Asabe ta ce, "Ke ai naki suna gabanki, kina ganin fuskarsu."

Zulai ta kwashe ƙulin da ya soyu, ta miƙa wa mahaifinta ɗaya kamar yadda ta saba. Ya tauna, ya haɗiye.

"Yaya ka ji shi, Baba?"

"Ba laifi."

Ta dube shi kaɗan, ta mayar da ido kan kaskon. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Gwaggo, in dai har Litinin ba abin da ya sake, zan bi ki."

Manzo ya dube ta. Ba yarinya ƙarama ba ce da zai ce na hana. Kuma me zai ce ta zauna ta yi?

Bayan an sauko daga masallaci sai salular ta yi ƙara. Komand ce, daga Magarya, ƙuli leda biyar. Zulai ta duba sunan, ta sake dubawa.

"Baba, wani Ilyasu ne. Ɗaya daga cikin masu ukun nan ne fa."

"Wanda bai ji daɗi ba?"

"Shi."

"To wanda bai ji daɗin abu ba yana ƙara saye? Har leda biyar?"

"Wataƙila ya ga an rage kuɗi ne," in ji Ladi.

 Lambobin mutanen nan uku duk suna cikin wayar Manzo, shi ya kira su ran da ya kai kayansu tasha. Ya ce shi zai kai wannan da kansa, kuma zai tambaya. Zulai ta ce don Allah kada ya yi, abin kunya ne, za a ce suna roƙon tauraro.

"Ba roƙo zan yi ba, Uwata. Ba zan ce wa kowa ya sake komai ba. Tambaya kawai. In mutum ya taya mini rago a kasuwa da araha, ai ina da damar in ce malam me ka gani a jikinsa."

Da safiyar Asabar ya ɗaure kwalin a bayan moto, ya jefa kwalbar esansi, man fetur ɗinsa na ko-ta-kwana, cikin buhun da ya rataya a gefe, ya kama hanyar Magarya. Duk hanyar yana shirya maganar da zai yi, yana rushewa. Ya shirya ta ban haƙuri, ya shirya ta faɗa, bai tsayar da ko ɗaya ba har ya shiga gari.

Da kwatance ya sami gidan. Wani dattijo ne siriri mai tabarau, zaune a kujerar roba a ƙofar gida, rediyo a cinya. Tun daga yadda ya amsa sallama, kalma-kalma kamar yana jiran a rubuta, Manzo ya san mushe ne, wato malamin makaranta. Ashe ma darektan lakwal ne, shugaban makaranta, da ya yi ritaya. Manzo ya ji kansa kamar ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba. Bayan gaisuwa da ruwa, ya miƙa kwalin, ya murza hularsa, ya ce:

"Mushe, ni ne uban yarinyar. Don Allah ba don komai ba, so nake in san laifin ƙulin nan, mu gyara."

"Wane laifi?"

"Wanda ya sa ka ba shi uku."

Mushe Ilyasu ya sauke tabarau zuwa kan hanci. "Ka yi lakwal?"

"Kaɗan. A aji biyar na tsaya."

"To ya isa. Uku bisa biyar, nawa ke nan bisa ashirin?"

Manzo ya motsa yatsu. "Sha biyu."

"Sha biyu bisa ashirin! Ka taɓa cin sha biyu?"

"Wallahi Mushe, tara ce iyakata. Ita ma sau ɗaya."

"To ka gani. Sha biyu ta wuce muwayan, makin tsallakewa, da biyu, har da yabo a gefen takarda. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da jan biro, ashirin ban taɓa ba kowa ba. Sha shida na ba mutum biyu, ɗaya likita ne yanzu. Matata da ke dafa mini abinci tun kafin a haifi 'yarka, sha huɗu take ci, kada ka gaya mata. Ƙulin 'yarka ya ci sha biyu a jarrabawar farko, kai kuma ka hau moto daga Dungas ka zo ƙara?"

Manzo ya rasa dariya zai yi ko kuka. A hankali ya yi masa bayanin abin da Zulai ta gaya masa: cewa a can cikin waya, huɗu ce muwayan, wanda ya faɗo ƙasa da ita ba a ganinsa; cewa shagon da mutum shida kacal suka ba not, wato maki, uku guda ɗaya ma girgiza shi take yi, balle uku a jere.

"Wato sha shida ce muwayan ɗinsu?" Dattijon ya girgiza kai. "Wannan ba not ba ce, rabon alewa ne."

Yana magana yana buɗe leda. Ya gutsiri ƙuli, ya tauna, ya tsaya.

"Wa ya taɓa wannan?"

"An ɗan rage yaji ne, da toyi."

"Don me?"

"Saboda ukun."

"Subhanallahi! Wancan yana ƙaras a baki, yajin yana zuwa daga baya. Wannan kamar an jiƙa shi. Wannan goma ce, da kyar." Ya nuna Manzo da guntun ƙulin. "Ka ce mata ta koma yadda take yi. Not dai ba zan sake ba, ban taɓa goge not ba don uba ya zo. Amma na yi kuskure ɗaya: malamin kirki ba ya ba da lamba ba tare da ya rubuta dalili a gefe ba. Wannan zan gyara."

Manzo ya fito rabin nauyin ya sauka, rabi ya ƙaru. Ashe kwana goma sha ɗaya suna ɓata abin da ba shi da laifi. Ya tura moto zuwa inuwar wata bishiyar bedi kusa da tasha, ya zauna a kan benci, ya nemo lamba ta biyu. Mutari, Damagaram.

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, ƙugin mota na tashi a bayan muryar.

"Baban mai ƙuli! Kai ne? Wallahi ina ta cewa zan sake yin komand, tafiya ce ta yi yawa. Ƙulin nan a mota na ajiye shi, kafin mu kai Maraɗi har shugabanmu ya sa hannu sau uku, mutumin da ba ya cin komai sai da cokali."

"Alhamdu lillahi. To Malam Mutari, me ya rage masa?"

"Rage? Ba abin da ya rage. Ba ka ga abin da na ba ku ba? Turwa zetwal fa! Tauraro uku cur!"

Mutari direban wani froje ne, irin ƙungiyoyin nan na ayyukan raya ƙasa. Ya ce shi ya san taurari, ba labari aka ba shi ba. In sun je Yamai, otel mai tauraro uku yake sauke manyansu: ga sanyi a ɗaki, ga ruwan zafi a famfo, ga mai gadi da ke buɗe maka ƙofa yana sara maka. Shi iyakarsa wurin ajiye motoci, daga nan sai gidan abokinsa.

"Da na ga an ce in ba da tauraro, na ce ƙulin nan ya kai otel ɗin nan. Biyar ai na ga ƙaryar za ta yi yawa, ni ban taɓa shiga mai biyar ba, yaya zan shaidi abin da ban gani ba?"

Manzo ya sake yin bayanin da ya yi wa mushe. Wannan karon ya fi iya shi. 

"Kana nufin zagin yarinyar na yi?"

"A'a, ba zagi ba ne. Sai dai a can wurin, uku kamar ka ce ba yabo ba fallasa."

"Inna lillahi! Ni da na zaci na yi mata kyauta. Kai, bari in sami wurin tsayawa. Ana sakewa ko?"

"Ban ce ka sake ba, Malam Mutari. Abin da ke ranka kawai."

"Abin da ke raina ne zan sa, Baba. Da can ma shi na sa, yarensu ne ban ji ba."

Manzo ya ajiye wayar a cinya ya yi ajiyar zuciya. Har ya ji kamar ya hau moto ya koma, ya ce masu duk yabo ne, ba a fahimta ba. Biyu cikin uku ai sun isa shaida. Amma zuciyarsa mai neman abin damuwa ba ta bar shi ba. Ya danna lamba ta uku. Hajiya Daso, ita ma Damagaram, mai sayar da kwaɗon zogale a bakin wata makaranta. Ƙuli leda goma ta saya, ita ce mafi girman komand da suka taɓa samu.

Ta amsa gaisuwa da kyau, ta tambayi iyali, ta tambayi amfanin gona. Da ya zo kan maganar sai muryarta ta sake.

"Ai ba komai, Malam. Kaya sun iso lafiya."

"Sun yi daɗi?"

"Ba laifi."

Manzo ya san wannan kalma. Tasa ce ta kullum. Amma yadda ta fito daga bakin matar nan, a gajarce, ba ta yi kama da tasa ba.

"Hajiya, don girman Allah. Ni uba ne. Yarinyar nan jibi za ta bar gida ta tafi aikatau Agadas saboda tana ganin hannunta ne bai iya ba. In hannunta ne, ki gaya mini, zan iya ɗauka."



"To tunda ka haɗa ni da Allah. Malam, ƙulin nan warin esansi yake yi. Ban lura ba sai da na daka na zuba a zogale roba guda. Malaman makarantar da suka saba saye suka ce Hajiya yau a gareji kika yi kwaɗon? Haka na zubar da shi, ko awaki ban ba ba."

"Esansi," in ji Manzo.

Idonsa ya sauka kan buhun da ke rataye a gefen motonsa, wuyan kwalbar yana leƙowa, an toshe bakinta da leda. Ya tuna ranar. Kwalin Hajiya ya fi sauran girma, igiya ba ta kama shi da kyau ba, sai ya zura shi cikin buhun nan tare da kwalbar. A tasha ya ga gindin kwalin ya ɗan jiƙe, ya goge da hannu, ya ce ai ƙulin yana cikin leda. Ledar nan siririya mai ƙulli a baki.

"To me ya sa ba ki ba da ɗaya ba, Hajiya? Me ya sa ba ki rubuta ba?"

"Ɗayan na tashi dannawa. Sai na tuna muryar yarinyar a waya, da ladabinta. Na ce 'yar mutane ce tana neman na kanta, ba ni zan tona mata asiri a gaban duniya ba. Rubutun nan kowa yana karantawa fa. Ni a wurina uku ita ce: ba zan dawo ba, amma Allah ya ba ki sa'a."

Manzo ya share goshi da hularsa. "Hajiya, ba yarinyar ba ce. Ni ne. Ni na haɗa kayanki da kwalbar mai a buhu guda."

"Kai, Malam! Da girmanka?"

"Da girmana."

Sai ta yi dariya, dariya sosai, har da tari. Ya ce zai aiko mata da leda goma a madadin waɗancan. Ta ce ya aiko da biyu tukuna ta sansana. In hancinta ya yarda, za a yi magana. Ba ta yi alkawarin komai game da tauraro ba, shi ma bai tambaya ba.

Kafin ya tashi ya juye kwalbar duka cikin tankin moto, ya bar ta nan wurin mai sayar da mai. Buhun ma ya bar masa.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shiga gida. Ladi tana ɗaure kayanta, jakar Zulai a buɗe kusa da nata, an ninke zannuwa biyu a ciki. Zulai ce ta tare shi da salula a hannu.

"Baba, me ka je ka yi? Mutari ya mayar da nasa biyar! Mun koma 4,2, na nemi ƙuli da kaina na ga sunana ya fito. Kuma dubi abin da wannan Ilyasun ya rubuta."

Da Faransanci ne, ta karanta tana fassarawa. Ya ce aiki ne mai tsabta, toyi daidai, yaji daidai, ya saya ya sake saye, kuma masu karatu su sani shi tsohon malami ne, ukunsa ba ta kowa ba ce. A ƙarshe ya ƙara da cewa ɗalibar za ta iya fin haka in ta daina sauraron masu cewa ta rage yaji.

"Wa yake nufi?" in ji Asabe.

"Ke," in ji Ladi.

Manzo ya zauna a kan turmi ya ba su labari tun daga farko, da sha biyun mushe, da otel ɗin Mutari. Ladi ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ya zo kan Hajiya Daso sai ya rage murya, ya dubi ƙasa, amma bai tsallake komai ba.

Asabe ta tafa hannu. "Wato mu muna nan muna zargin yaji, muna zargin kasko, ashe mai laifin yana cin tuwo tare da mu!"

"Na ce ni ne, ai na ce."

"Sau nawa na ce maka kwalbar nan tana yoyo, Malam? Rigarka ma wari take."

"To an bar ta a Magarya."

Ladi ta ce, "Mutum uku, lamba guda, magana uku. Ni dai gara kwanona da rabin tuwo."

"Rabin tuwon ma ba ki sani ba ko ƙoshi ya yi," in ji Asabe.

Zulai ba ta yi dariya da su ba. Tana tsaye tana juya salular a hannu.

"Baba, in tambaye ka?"

"Tambayi, Uwata."

"Kullum in na ba ka ƙuli sai ka ce ba laifi. Ran da na fara matsar mai ni kaɗai, ba laifi. Ran da komand ta farko ta zo, ba laifi. Jiya ma. To taka ba laifin, ta wa ce? Ta mushe ce, ko ta Hajiya Daso?"

  Shi Manzo haka ya tashi, bai taɓa jin mahaifinsa ya yabi ɗansa a gaban ido ba, kuma shi ma tsoro yake kada baki ya kama abin da yake so. Bai taɓa kawowa a ransa cewa yarinyar tana auna kalmar nan tana samun ta da sauƙi ba.

"Jiya ce ta sa kika ce za ki tafi?"

Ta ci gaba da juya salular a hannu.

Ya gyara zama. "Ta jiya dai, gaskiya, ta Hajiya ce. Ƙulin jiya bai yi ba, na ji kunyar faɗa. Amma sauran duk..." Ya nemi kalma. "Sauran ta Mutari ce. Ni iyakar abin da na san faɗa ke nan. A kasuwar Dungas kaf ba mai toya ƙuli kamar ke. Har da uwarki."

"Kai Malam!" in ji Asabe. "To wa ya koya mata?"

Zulai ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa, ba a san dariya ba ce ko kuka. Da ta sauke mayafin sai ta sunkuya ta ciro zannuwan nan biyu daga jaka, ta wuce da su ɗaki. Daga ciki ta ɗaga murya:

"Gwaggo, ki yi haƙuri, sai wani zuwan. Inna, a jiƙa mini itacen nan ya bushe? Gobe da yajinmu na da za mu yi."

"Itace ake jiƙawa ko gyaɗa ake soyawa? Yarinyar nan ta rikice," in ji Ladi, tana ja wa jakarta zif. "Yaya, ka ci wannan karon. Amma in ta sake faɗowa, ɗakina yana nan."

Ran Litinin Manzo ya kai Ladi tasha, ita kaɗai. Da ya dawo ya sake ɗaukar kwali ƙarami, leda biyu na Hajiya Daso, kowace an ninka mata leda. Kafin a ɗaure, Zulai ta jefa wata 'yar takarda a ciki, irin wadda ta ce daga yau za ta riƙa sa wa kowa. Ya karanta a hankali, yana bin layin da yatsa: in kun ba da tauraro, don Allah ku rubuta ko kalma ɗaya, mu san abin da kuke nufi.

Ya rungumi kwalin a ƙirji ya nufi ƙofa.

"Baba, ba a moto za ka ba?"

"Da ƙafa zan je. Tankin ma ai esansi ne a ciki."

Ya kai rabin hanya kafin ya tuna bai san me direban Damagaram yake ɗorawa a bayan motarsa ba. Ya ƙara sauri, don ya isa kafin a gama lodi.